Waiwaye: Dubu Ɗari Bakwai Ɗin Da Na Ɗauka Riba Ce

A daminar 2018 na tara kuɗin sayen motata ta farko. Adashe ne na wata goma sha takwas, da ɗan bashin ƙungiyar ma'aikata, da kuɗin babur ɗina da na sayar. Jimilla naira miliyan biyu da rabi, ba ragi ba ƙari. Abin da nake so Toyota Corolla ce ƙirar 2008, domin duk makaniken da ke Kano ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba a wahalar nemansu a Ƙofar Ruwa.

Motoci biyu suka shiga idona a mako guda. Ta farko tana filin wani dila, 'yar Kwatano ce ba a taɓa sa mata lamba ba. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya ce albarka, har muka tsaya a miliyan biyu da rabi daidai, wato duk abin da na mallaka. Ta biyu wani dillali ne ya kawo mini labarinta. Ya ce ta wani ma'aikaci ce da aka yi wa canjin wurin aiki, hannu ɗaya ta sani, daga gida sai ofis. Ƙira ɗaya, shekara ɗaya, har launin ma kusan ɗaya. Aka sallama mini ita a miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, la'ada waje.

Na yi lissafi a bayan ambulan: dubu ɗari bakwai a tsakani. Na ce wa uwargida wannan kuɗin ai ya isa a yi wa tsakar gida siminti har a samu canji. Ta ce, "Malam, kai dai ka duba da kyau, araha ba ta ado." Na ce mata ai mota ba atamfa ba ce.

Mun haɗu da mai motar da misalin ƙarfe huɗu na yamma a bakin wani gidan mai. Shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi lokacin, kuma ya riga ni zuwa. Da na ɗora hannu a kan bonet na ji shi da ɗumi, amma ban kawo komai a raina ba, ai tuƙo ta ya yi. An wanke injin tas har yana sheƙi. Ya murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, nan take fanka ta kama juyawa da ƙarfi. Dillalin ya ce, "Ka ji fanka kuwa? Wannan ko Maiduguri za ka da ita a watan azumi ba za ta yi zafi ba." Muka zaga da ita kamar minti goma, allurar zafi tana kwance can ƙasa. Na ji daɗi, na ce lallai injin nan mai sanyi ne.

Sai aka zo kan takardu. Ya miƙo mini su a cikin leda: lasin mota, takardar shaidar mallaka, inshora, da hoton takardar kwastan wanda ya dushe. Sunan da ke jiki ba nasa ba ne. Da na tambaya sai ya ce, "Ai na yayana ne, shi ya yi mata rajista, uwa ɗaya uba ɗaya muke." Kuɗin kuma ya ce in tura asusun wani abokinsa, wai nasa yana da matsala. Aka yago takarda daga littafin rubutu, dillali ya rubuta cewa wane ya sayar wa wane mota kaza a kan kuɗi kaza, yadda ya gan ta haka ya saya. Ba lambar jikin mota, ba adireshi, shaida ɗaya tak, shi ne dillalin da kansa. Na sa hannu ina murmushi.

Kwana goma sha ɗaya na more ta. Rana ta goma sha biyu muna hanyar Zariya, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, sai na ga allurar nan da ba ta taɓa motsi ba ta miƙe tsaye, tururi ya taso daga gaba. Muka kwashe awa uku a gefen titi da yara, kafin a samu mai jan mota.

Makaniken da na kai wa ita dattijo ne, ba ya gaggawar magana. Ya ce in bar ta ta kwana, in dawo da sassafe. Da na zo, kafin ya tayar da ita sai ya buɗe murfin lagireto, ya cika shi da ruwa har baki, sannan ya ce wa yaronsa ya murɗa makulli. Ya kira ni ya ce, "Alhaji, matso ka gani." Ƙananan kumfa ne ke tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba sa tsayawa, kamar tukunyar da ta fara tafasa, alhali injin bai ko yi ɗumi ba. Ya ce wannan iskar daga cikin silinda take, gasket ɗin saman inji ya ƙone, hayaƙin da ya kamata ya fita ta salansa yana kutsawa cikin ruwa. Ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai ya juya mini cikinsa, sai ga wani abu fari-fari kamar kindirmo ya manne. Ya ce ruwa ne ya haɗu da mai.

Daga nan ya shiga nuna mini yadda aka rufe ciwon. An cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai zafin da ya dace. An haɗa wayar fanka kai tsaye, shi ya sa take kamawa da zarar an murɗa makulli, alhali fankar lafiyayyiyar mota ba ta tashi da sanyin safiya sai inji ya yi zafi ko an kunna na'urar sanyaya ciki. Da waɗannan biyun, motar da ke da ciwon zafi za ta iya yawon cikin gari na ɗan lokaci allura tana kwance. Ya ce a ƙasar nan da yawa ana yin wannan haɗin ko mota lafiyarta ƙalau, saboda makanikai sun ɗauka maganin zafin rana ne, amma mai saye in ya gan shi dole ya tambayi dalili. Ƙarshe ya ce in murɗa makulli rabi, kada in tayar. Fitilun gaban direba suka kama, na batir, na mai, na birki, amma ta cek inji ba ta kama ba. Ya ce, "An kashe ta ne don kada ta yi magana. Wannan fitilar dole ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, to an taɓa ta."

Na tambaye shi da zan iya gane duk wannan kafin in biya? Ya ce da na zo da shi, da sassafe, motar ta kwana ba a tayar ba, da minti ashirin sun isa. Abin da zai caje ni a lokacin bai wuce dubu biyar ba. Mai motar ya san abin da yake yi da ya zaɓi ƙarfe huɗu na yamma, domin inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi, yana ɓoye farin hayaƙin safe, kuma ba mai hankalin da zai buɗe lagireto yana da zafi.

Ga yadda ribar tawa ta narke. La'adar dillali dubu hamsin. Canjin gasket da goge kan inji da mayar da tamostat, dubu tamanin da biyar. Bayan wata biyu ciwon ya dawo, saboda zafin da injin ya sha tun a hannun masu ita na baya ya riga ya lanƙwasa shi, sai da aka ɗora wani injin na Kwatano a kan dubu ɗari uku da ashirin har da kuɗin aiki. Tayoyi huɗu, waɗanda aka shafe da baƙin mai suna ƙyalli amma duk sun tsattsage, dubu tamanin. Zirga-zirgar takardu, dubu sittin da biyar. Jimilla dubu ɗari shida. Daga dubu ɗari bakwai saura ɗari, ga wata huɗu da na yi ina hawa Adaidaita Sahu motata tana gareji. Siminti kuwa sai bayan shekara biyu aka yi shi.

Amma ba kuɗin gyaran ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ranar da na je canza sunan mallaka. Ma'aikacin ya duba yarjejeniyar da ke hannuna, ya duba takardun motar, ya ce, "Malam, wanda ya sayar maka daban, mai motar daban. Ina takardar da ta nuna yadda ta fita daga hannun wannan ta shiga hannun wancan?" Babu. Na kira mai sayarwa, waya a kashe. Na kira dillali, ya ce shi ma a wajen ɗaurin aure suka haɗu. Sai da na bi adireshin da ke jikin lasin har Kaduna, na yi sa'a mutumin yana nan da ransa. Ba shi da wani ƙane mai wannan suna. Ya ce shekara guda ke nan da ya sayar da ita ga wani mai saye da sayarwa, a kan farashi mai sauƙi, kuma ya faɗa masa ƙarara cewa tana zafi. Mutumin kirki ne, ya ba ni hoton katin shaidarsa, ya bi ni kotu aka yi takardar rantsuwa. A hanyar dawowa na riƙa tunanin abin da zai faru da a ce ya buɗe ƙofa ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ita nake nema tun bara."

A nan na fara fahimtar abin da ban gane ba ranar da nake lissafi a bayan ambulan. Na ɗauka ina zaɓe ne tsakanin dila mai tsada da mai mota mai sauƙi. Ashe wanda na saya a hannunsa ba ko ɗaya ba ne daga cikinsu. Ba shi da filin da zan koma in same shi kamar dila, kuma bai san tarihin motar ba kamar mai ita na gaskiya, in ban da ciwon da ya saye ta da shi ya rufe.

Daga baya wani abokina lauya ya warware mini yadda doka ke kallon lamarin, kuma ya dace duk mai shirin sayen mota ya san shi. Tsohuwar dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Turawan Ingila, wadda dokokin jihohi suka ginu a kanta, ta raba abu biyu. Na farko shi ne mallaka: duk wanda ya sayar maka da kaya, dila ne ko maƙwabcinka, doka ta ɗauka ya yi maka alkawarin cewa yana da ikon sayarwa. Amma in ta tabbata motar sata ce, ba ka mallake ta ba ko nawa ka biya, domin mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. Za a karɓe ta, kai kuma ka je ka nemi wanda ya karɓi kuɗinka, in ka san inda yake. Na biyu shi ne ingancin kaya: wannan alkawarin yana kan wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan. Mutumin da ya sayar da motar hawansa ba ya ɗauke da shi, sai dai in ya yi maka ƙarya a kan abin da ka tambaya, ko ya rubuta maka wani alkawari. Ko a wajen dila ma, in ka duba mota, aibin da dubawar ya kamata ta nuna maka ya zama naka.

Sannan akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza inganci ga ɗan kasuwar da ya sayar masa cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ita ma da 'yan kasuwa take magana. Lauyan ya ce in lura da abu guda: duk wannan kariya tana aiki ne in akwai rasit mai sunan kamfani, mai lambar jikin mota, mai kwanan wata. Wanda ya tura kuɗi asusun abokin wani ya riƙe takardar littafin rubutu, ko kotu ya je, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa yake ƙara kuma a ina za a kai masa sammaci.

Malaminmu na zaure kuma ya nuna mini cewa fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na nan suke hukunci da shi, bai bambanta dila da mai gida ba a kan ɓoye aibi. Wanda ya san kayansa na da aibi wajibi ne ya bayyana shi, rufe shi algus ne. Mai saye in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Cewa "yadda ka gan ta haka ka saya" ba ta wanke wanda ya san ciwon ya yi shiru. Wato da na samu mutumin nan, ina da hujja a kansa. Matsalar ita ce samun nasa. Haƙƙin da ba ka san ƙofar gidan wanda zai biya shi ba, sai dai a haɗu a lahira.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a ruga wurin dila ido rufe. Bayan shekara huɗu, a 2022, ƙanena ya tashi sayen tasa motar, ya ce, "Yaya, kai da ka sha wuya, zo ka raka ni." Muka tafi filin wani dila da dattijon makaniken nan da ƙarfe bakwai na safe, kafin yaran fili su fara tayar da motoci suna wankewa.

Motar farko da ta burge shi tana tsakiyar fili, an rubuta farashi a gilashi. Na tambayi dilan tambaya ɗaya: "Alhaji, wannan taka ce, ko ajiye maka aka yi?" Ya ɗan yi jim, ya ce ta wani bawan Allah ce ya kawo a sayar masa. Na ce to rasit ɗin da sunan wa za a rubuta? Ya ce ai yarjejeniya za a yi tsakaninmu da mai ita, shi shaida ne kawai. Wannan ita ce gadar zaren da mutane da yawa ba su sani ba. Ba duk motar da ke filin dila ce tasa ba. In ta ajiya ce, za ka biya farashin dila, amma ranar da matsala ta taso zai ce maka shi dillanci ya yi, ga lambar mai ita nan. Ka biya kuɗin inuwa, an bar ka a rana.

Ta biyu tasa ce, shi ya shigo da ita. A nan muka zauna da takardar kwastan. Lambar jikin mota, wadda makanikai ke kira lambar casis, haruffa da alƙaluma ne guda 17. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Muka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ƙanena yana karanta ta jikin mota ina bin ta takarda da yatsa. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke faɗin shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B na nufin 2011. A jikin motar harafi na goma A ne. A takardar kuwa an rubuta 2006, kuma alƙaluma uku na ƙarshe ba su yi daidai ba. Takardar wata motar ce aka haɗa mata.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma 'yan fito ba su daina bin daji ba, kuma motar da ta shigo ta haka sai an nemo mata takarda. Jami'an kwastan in suka tare ta a hanya, motar suke kamawa, ba ruwansu da cewa kai ne mutum na uku da ya saya. Takardar gaskiya tana ɗauke da lamba mai farawa da harafin C, da ranar biya, da ofishin da aka biya kuɗin fito, kuma ana iya kai waɗannan ofishin kwastan a tantance kafin a biya ko sisi. Dilan da ya ce ba sai an je ba, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma ciwon da ya fi yawa a motocin dila fiye da na gida. Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka a wajen gwanjon kamfanonin inshora ake sayensu, waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, a gyara a fesa fenti. Makaniken ya zaga mota ta uku da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, yana ɗora shi a ƙofofi da gefuna, domin inda aka cika foti da kauri ba ya kamawa sosai. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kansu yana neman tsatsa da busasshen laka. Ya sa na'urarsa ta karanta ƙwaƙwalwar motar. Ni kuma na biya 'yan dubbai aka binciko tarihinta da lambar casis, aka ga an taɓa bugun ta a baya, bugu mara tsanani, kuma nisan tafiyar da aka rubuta mata a can bai saɓa da abin da ke kan allonta ba. Da wannan bugun muka rage dubu ɗari daga farashi.

Sai rubutu. Na ce rasit na kamfani muke so, da cikakkiyar lambar casis da lambar inji, kuɗi kuma asusun kamfani za su shiga. Na ce a ƙara layi biyu: cewa kamfani ya tabbatar an biya kuɗin kwastan cikakke kuma shi zai ɗauki duk abin da ya taso a kai, da cewa inji da giya suna wuyansa har kwana talatin. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai lauya ne?" Na ce a'a, wanda maciji ya taɓa sara ne, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Muka yi ta ja, ya tsaya a kwana goma sha huɗu, muka yarda, shaidu biyu suka sa hannu.

A kwana na tara giya ta fara fizga tsakanin ta biyu da ta uku in mota ta yi zafi. Muka koma. Bai karɓe mu da fara'a ba, ya ce wa ya sani ko yaron ne ya yi mata tuƙin ganganci. Muka yi kwana uku ana kai-kawo, har sai da muka kai maganar gaban shugaban 'yan kasuwar wurin, aka karanta rasit a gaban jama'a. Mutumin da ke da motoci talatin a fili da suna a gari ba zai so a riƙa nuna shi da baki saboda giya ɗaya ba. Ya canza ta da kuɗinsa. Ba doka ce ta fara aiki ba, kunyar kasuwa ce, amma takardar ce ta ba kunyar wurin tsayawa.

To wanne ya fi? In mai mota na gaskiya ne, wanda ka san gidansa da wurin aikinsa, sunansa ne a takardu, ya yarda ka kai ta wurin makanikenka, ya yarda ya bi ka a canza suna, sau da yawa cinikinsa ya fi na dila, domin ba ribar kowa a kai kuma zai iya gaya maka ranar da ya canza kowane abu. Sai dai ka sani daga ranar da ka karɓi makulli duk abin da ya fito naka ne, don haka ka ware wani abu daga rarar da ka samu ka ajiye domin gyara, kada ka yi mata lissafin siminti irin nawa. In kuma ba ka san kan mota ba, ko kuɗin da ke hannunka su ke nan gaba ɗaya, ƙarin da dila zai ɗora maka kuɗin wurin komawa ne. Amma ba ya zama haka sai motar tasa ce, kuma sai alkawarin ya hau takarda. Wanda ya kamata ka guje wa shi ne na tsakiya: mai sayar da motar "yayansa" a bakin gidan mai, da dilan da ya ce shi shaida ne kawai.

Har yau Corollar nan tana wurina, da injinta na biyu, kuma ba ta sake ba ni kunya a hanya ba. Takardar littafin rubutun ma tana nan a cikin ledar takardu, ina nuna wa duk wanda ya zo neman shawara. Kai da ke shirin saye, ka je da safe mota tana sanyi, ka je da makanikenka ba na mai sayarwa ba, kuma kafin ka tura kuɗi ka jera sunaye uku a gabanka: sunan da ke takardun mota, sunan da za a rubuta a rasit, da sunan da ke kan asusun banki. In ba su zama ɗaya ba, kuma ba takardar da ta haɗa su, ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka kama hanyar gida da kuɗinka.